Ma'aunin Sitokastik: Yadda Ake Gane Lokacin Shiga Kasuwa Bayan Farashi Ya Ja da Baya

Duk wanda ya ɗan jima yana kallon jadawalin farashin hannayen jari, ko na zinariya, ko na kuɗaɗen ƙasashen waje, ya san cewa farashi ba ya tafiya miƙe kamar an ja zare. Ko da kasuwa ta ɗauki hanyar hawa, sai ta hau na wasu kwanaki, ta sauko kaɗan, sannan ta sake ɗaukar hanya. Wannan ɗan saukowar ita ake kira ja da baya. Hausawa na cewa ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, kuma sau da yawa haka abin yake a kasuwar da ke da ƙarfi: waɗanda suka saya tun da wuri suna kwasar ribarsu, farashi ya ɗan sassauta, sababbin masu saye su samu ƙofar shiga.

Matsalar ita ce lokaci. Wanda ya yi gaggawa zai saya farashi na tsakiyar gangarowa, ya zauna yana kallon kuɗinsa na narkewa. Wanda ya yi nawa kuma zai saya bayan farashi ya koma ƙololuwa, inda ribar da ta rage kaɗan ce, asarar da za a iya yi kuwa mai yawa. Tsakanin waɗannan biyun ne ma'aunin sitokastik yake da amfani, in an san iyakar aikinsa. Aikinsa shi ne nuna lokacin da ƙarfin masu sayarwa ya fara ƙarewa. Tambayar ko a saya ko a sayar kuwa, alƙiblar kasuwa ce ke amsa ta tun kafin a duba ma'aunin.

Abin da yake aunawa

An fi danganta ma'aunin da George Lane, wani masanin kasuwa ɗan Amurka da ya koyar da shi a birnin Chicago tun ƙarshen shekarun 1950. Tunanin da ke ƙarƙashinsa mai sauƙi ne. Idan masu saye ne ke da rinjaye, farashi yakan rufe kusa da saman inda ya kai a kwanakin baya. Idan masu sayarwa ne ke da rinjaye, yakan rufe kusa da ƙasa. Saboda haka ma'aunin yana ɗaukar kwanaki 14 na ƙarshe, ya nemo farashi mafi tsada da mafi arha a cikinsu, sannan ya duba inda farashin rufewa na yau ya faɗa tsakanin biyun.

```
%K = (C - L14) / (H14 - L14) x 100
```

A nan C shi ne farashin rufewa, L14 mafi ƙasa a kwanaki 14, H14 kuma mafi sama. Idan mafi sama naira 52 ne, mafi ƙasa naira 47, aka rufe yau a naira 48, to an rufe da naira ɗaya sama da ƙasa cikin tazarar naira biyar, wato 20. Da an rufe a 51, da an samu 80. Lambar ba ta wuce 100, ba ta kuma sauka ƙasa da sifili.

Wannan ɗanyen lissafi yana yawan tsalle, shi ya sa ake tausasa shi ta hanyar ɗaukar matsakaicin kwana uku. Abin da aka samu shi ne layin %K mai natsuwa. Sai a sake ɗaukar matsakaicin kwana uku na wannan layin, a samu layi na biyu, %D, wanda kullum yake bin bayan na farko. Ma'anar lambobin 14, 3, 3 da ake gani a saitin ma'aunin ke nan. Yana da kyau mai karatu ya duba saitinsa da kansa, domin a MetaTrader ma'aunin na zuwa da 5, 3, 3, a TradingView kuma `Stochastic` na zuwa da 14, 1, 3. Mutum biyu na iya kallon kasuwa ɗaya su ga alamu daban saboda wannan kawai. A wannan bayani 14, 3, 3 muke nufi.

Akwai layuka biyu a kwance, ɗaya a 80 ɗaya a 20. An saba cewa sama da 80 an cika saye, ƙasa da 20 an cika sayarwa. A nan ne sababbin shiga suka fi yin tuntuɓe. Sukan ɗauka duk lokacin da layi ya haura 80 sai a sayar, in ya sauka ƙasa da 20 sai a saya. Amma a kasuwar da ke hawa da ƙarfi, farashi yana rufewa kusa da sama kusan kullum, don haka ma'aunin na iya makalewa sama da 80 na makonni alhali farashi na ci gaba da tashi. Wanda ya sayar don ya ga 80 ya yi jayayya da kasuwa. A kasuwa mai hawa, alamar da ake saurara ita ce ta ƙasa kawai. A kasuwa mai sauka kuma, ta sama kawai.

A fara tabbatar da alƙibla

Kafin a buɗe ma'aunin, sai an amsa tambaya ɗaya: shin kasuwar nan tana da tabbatacciyar alƙibla? Hanya mafi inganci ita ce kallon farashin kansa. A kasuwa mai hawa, kowane ƙololuwa yana ɗara na baya, kowane wurin da farashi ya sauko ya tsaya shi ma yana ɗara na baya. A samu aƙalla biyu-biyu na kowanne a jere. Bayan haka a ɗora layin matsakaicin farashi na kwana 50, wanda a allo ake rubuta shi EMA 50. Ana son farashi ya kasance samansa, layin kuma ya karkata sama a bayyane. Layin da ya kwanta, farashi na ratsa shi yau sama gobe ƙasa, yana nuna kasuwa na kai-kawo ne kawai, kuma wannan dabara ba ta wurin ba ce.

Masu ƙwarewa kan ƙara da duba jadawali mai faɗi. Dokta Alexander Elder, wanda ya bayyana tsarinsa na allo uku a 1986, ya koyar da a ɗauki alƙibla daga jadawalin da ya ninka wanda ake aiki da shi kamar sau biyar, sannan a nemi ja da baya a ƙaramin. Wato mai aiki da jadawalin kwana-kwana ya duba na mako-mako, mai aiki da na awa ɗaya ya duba na awa huɗu. Idan babban jadawali na sauka, abin da ake gani a ƙaramin a matsayin hawa yana iya zama ɗan numfashi ne a cikin doguwar gangara.

Matakai uku na shiga

Da zarar alƙibla ta tabbata, abin da ya rage jira ne, kuma jiran hawa uku ne.

Na farko, farashi ya sauko har %K ya faɗa ƙasa da 20. Wannan yana nuna cewa ja da bayan ya yi zurfin da ya isa a kula da shi. Bai nuna cewa ya ƙare ba. A wannan matakin ana duba inda farashi ya tsaya: in ya tsaya kusa da EMA 50, ko kusa da tsohon ƙololuwar da aka taɓa fasawa, to wurin yana da dalili. Sharaɗi mafi girma shi ne kada ya karya wurin da ja da bayan da ya gabata ya tsaya.

Na biyu, %K ya juya ya tsallake %D zuwa sama, a ƙasa da 20 ko dab da shi. Ma'anar wannan tsallakewa ita ce farashin rufewa na kwanakin nan ya fara ɗagowa daga ƙasan tazarar, wato masu sayarwa sun daina samun rufewa a inda suke so. Dole a jira kyandir ɗin ranar ya rufe. Tun da lissafin ya dogara da farashin rufewa, layukan na motsi muddin kyandir bai kammala ba, kuma tsallakewar da aka gani da hantsi tana iya ɓacewa kafin a tashi kasuwa.

Na uku, farashi da kansa ya ba da shaida. Ana sa odar saye ɗan sama da ƙololuwar kyandir ɗin da aka samu tsallakewar a cikinsa. In farashi ya haura wurin, an shiga. In bai haura ba cikin kwana biyu ko uku, ko ya karya ƙasan da ya kafa, a soke odar. Wannan mataki na uku shi ke tace alamun ƙarya masu yawa, domin ma'auni na iya juyawa don kawai farashi ya daina sauka, ba tare da masu saye sun dawo ba.

Misali daki-daki

Bari mu tsara misali da hannun jarin wani kamfani a jadawalin kwana-kwana. Cikin wata uku farashinsa ya tashi daga naira 40 zuwa 45, ya sauko 42, ya hau 48, ya sauko 44, sannan ya hau 52. Ƙololuwa na ɗara juna, wuraren tsayawa na ɗara juna, EMA 50 na kusa da 47.20 yana kallon sama. Alƙibla ta tabbata.

Daga 52 farashi ya yi kwana bakwai na kasuwa yana gangarowa. Ranar Litinin ya taɓa 47.00, ya rufe a 47.50. Tazarar kwana 14 yanzu daga 47 zuwa 52 ce, naira biyar, don haka ɗanyen lissafin ranar 10 ne. Talata ya rufe a 47.40, lissafi ya ba da 8. Laraba ya rufe a 47.60, ya ba da 12. Matsakaicin ukun nan 10 ne, shi ne %K na Laraba, %D kuma yana 13. An cika mataki na farko: ma'auni na ƙasa da 20, farashi ya tsaya a jikin EMA 50 kuma kusa da tsohon ƙololuwar 48, sannan 44 na nan ba a taɓa ta ba. Amma %K na ƙarƙashin %D, don haka ba a saye.

Ranar Alhamis farashi ya kai 48.60, ya rufe a 48.40. Ɗanyen lissafi ya yi tsalle zuwa 28. Matsakaicin 8 da 12 da 28 shi ne 16, yayin da %D ke kusa da 13. Layin farko ya tsallake na biyu, kuma kyandir ya rufe. Mataki na biyu ke nan. Da yamma mai ciniki ya shirya odar saye a 48.70, wato kwabo goma sama da ƙololuwar Alhamis. A manhajojin da ke da ita, wannan oda ita ce `Buy Stop`. Wanda dillalinsa ba shi da irinta sai ya sa ido da kansa washegari. Ranar Juma'a farashi ya haura 48.70, aka shiga, ya rufe a 48.90, %K ya kai 26.

Tun kafin shiga an riga an san wurin fita in abin ya ƙi. Dalilin sayen shi ne cewa 47.00 ce ƙarshen ja da baya. In farashi ya koma ƙasa da ita, dalilin ya rushe. Saboda haka ake sa `Stop Loss` a 46.70, an bar ɗan sarari don kada ƙaramin motsi ya fitar da mutum. Tsakanin 48.70 da 46.70 naira biyu ce, ita ce asarar da aka yarda da ita a kan kowane hannun jari.

Daga nan ne ake fitar da yawan abin da za a saya. A ce jarin mutum naira miliyan ɗaya ne, kuma ya ƙudura ba zai yi asarar fiye da kashi ɗaya cikin ɗari a ciniki guda ba, wato naira 10,000. A raba 10,000 da naira biyu, an samu hannayen jari 5,000, waɗanda kuɗinsu ya kama naira 243,500. Zangon farko na riba shi ne tsohon ƙololuwa, 52, tazarar naira 3.30. Wato an sa naira 10,000 a haɗari don neman 16,500. Da irin wannan rabo, mutum na buƙatar cin kusan 38 cikin kowane ciniki 100 kafin ya mai da uwar kuɗinsa, ban da kamashon dillali da sauran caji, waɗanda dole a sa su a lissafi.

Wasu sun fi son su jira %K ya rufe sama da 20 kafin su shiga. Hakan na rage alamun ƙarya, amma yana da tsada. A misalinmu, wanda ya jira rufewar Juma'a zai saya ne Litinin mai zuwa, a ce a 49.30. Asarar da zai iya yi ta zama naira 2.60, ribar zuwa 52 kuma ta ragu zuwa 2.70. Kwana ɗaya na ƙarin tabbaci ya mai da ciniki mai kyau ya koma kusan ɗaya da ɗaya. Idan tazarar riba ba ta kai ninki ɗaya da rabi na tazarar asara ba, ya fi kyau a bar cinikin ya wuce.

In farashi ya kai 52, hanya mai ma'ana ita ce a sayar da rabi, a ɗago wurin fita zuwa farashin shiga, a bar sauran ya bi hawan. Haurawar ma'auni sama da 80 a wannan lokaci ba dalilin fita ba ne, abin da ake fata ne tun farko. Ana fita da sauran ne idan farashi ya karya sabon wurin tsayawar da ya kafa.

A kasuwa mai sauka, komai na juyawa ne. Farashi na ƙarƙashin EMA 50 mai kallon ƙasa, ya ɗan ɗago har %K ya haura 80, sannan ya tsallake %D zuwa ƙasa, a shiga ƙasa da gindin kyandir ɗin, wurin fita kuma sama da ƙololuwar ɗagowar.

Inda dabarar ke karyewa

Babban haɗari shi ne kowace juyawar kasuwa tana farawa ne da kamannin ja da baya. Ma'aunin ba ya iya bambance su, domin a duka biyun zai faɗa ƙasa da 20. Farashi ne ke bambancewa. Ja da baya mai lafiya yakan zo da ƙananan kyandirori, a hankali, yawan cinikin da ake yi na raguwa. Wanda ke shirin zama rushewa yakan zo da dogayen kyandirori masu rufewa a gindinsu, ciniki na ƙaruwa, a ratsa EMA 50 ba tare da tsayawa ba. A misalinmu, da farashi ya rufe ƙasa da 44, to tsarin hawan ya karye, kuma duk tsallakewar da ma'auni zai yi bayan haka ba ta cikin wannan dabara. Wata alamar gargaɗi ita ce %K ya kwanta ƙasa da 20 na kwanaki da yawa, yana tsallake %D yana komawa, farashi kuma na kafa sabon ƙasa kowane lokaci. Wanda ya sayi kowace tsallakewa a irin wannan hali zai tara asara a jere.

Akasin haka ma na faruwa. A hawa mai ƙarfi sosai, ja da baya kan zama gajere, kwana biyu ko uku, ma'auni ya sauko 40 ko 35 ya juya ba tare da ya kai 20 ba. Mai jiran 20 zai ga kasuwa ta tafi ta bar shi. Ana iya rage kwanakin ma'aunin zuwa 5 don ya fi saurin amsawa, sai dai alamun ƙarya za su ƙaru. Kowane saiti na da farashinsa, kuma abin da ke cutarwa shi ne a riƙa canza saiti bayan kowace asara har mutum ya rasa sanin wanne yake gwadawa.

Hannun jarin da ba a cika cinikinsa ba shi ma yana ruɗar da ma'aunin. In farashi ya yi kwanaki bai motsa ba, tazarar sama da ƙasa takan matse, sai ƙaramin motsi ya jefa layin daga 10 zuwa 90. A irin wannan kasuwa ko wurin fita ba shi da tabbas, domin mutum na iya son sayarwa ya rasa mai saye.

Sai kuma labarai. Ma'aunin lissafi ne na abin da ya riga ya faru, bai san cewa gobe kamfani zai fitar da rahoton ribarsa ba, ko babban banki zai sauya kuɗin ruwa. Masu cinikin dala da zinariya sun san rahoton ayyukan yi na Amurka, wanda galibi ke fita Juma'ar farko ta wata da ƙarfe 8:30 na safe agogon New York, wato 1:30 ko 2:30 na rana agogon Najeriya da Nijar gwargwadon lokacin shekara. Alamar da ta bayyana dab da wannan lokaci a bar ta. Kuma odar tsai da asara ba garkuwa ce cikakkiya ba. Ranar 15 ga Janairun 2015, da Babban Bankin Switzerland ya janye iyakar 1.20 da ya sa tsakanin yuro da kuɗin ƙasarsa, farashi ya tsallake odojin mutane cikin mintuna, wasu suka yi asarar da ta fi abin da ke asusunsu.

Kafin a sa kuɗi

A 2018 hukumar kula da kasuwannin hannayen jari ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na asusun ƙananan masu cinikin kwangilar bambancin farashi asara suke yi. Irin cinikin da yawancin manhajojin waya ke tallatawa ke nan, inda dillali ke ninka wa mutum ƙarfin jarinsa. Wannan ninkawa tana sa kuskuren naira biyu ya zama na naira ɗari. Ga Musulmi akwai kuma batun kuɗin ruwan da ake caja idan ciniki ya kwana, da batun ko kamfanin da za a sayi hannun jarinsa sana'arsa halal ce. Waɗannan tambayoyi ne da ya kamata a kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki tun kafin a buɗe asusu.

Wanda yake son ya gwada dabarar nan ya fara da jadawalin baya. Ya zaɓi kasuwa ɗaya da saiti ɗaya, ya koma shekara biyu ko uku, ya rubuta duk wurin da sharuɗɗan suka cika, har da waɗanda suka ƙare da asara, tare da farashin shiga da na fita. Bayan haka ya yi wasu watanni a asusun gwaji. In lissafin ya nuna riba bayan an cire caji, sai ya fara da ɗan abin da rasa shi ba zai taɓa cefanen gida ba. In bai nuna ba, ya tsira da kuɗinsa. A kowane hali, a riƙe tsarin yadda yake: alƙibla tukuna, sannan ma'auni, sannan shaidar farashi, kuma kada a danna saye sai an san wurin fita da adadin asarar da za a iya ɗauka.